Abin Da Ke Sa Waya Ta Ƙi Faɗa Maka Kuɗin Da Suka Rage A Layinka

Duk mai riƙe da wayar hannu a ƙasar nan, da wuya a ce bai taɓa buga lambar duba kuɗi ba, ya jira amsa, maimakon waya ta nuna masa sauran kuɗinsa sai ta fito masa da wani gajeren rubutu na Turanci. A galibin wayoyin Android ga abin da kan fito:

```
Connection problem or invalid MMI code.
```

Ma'anar wannan magana ita ce, ko dai an sami tangarɗa wajen haɗuwa da kamfanin layi, ko kuwa lambar da aka buga ba daidai take ba. Mai karatu zai lura cewa wayar ba ta tsai da magana guda ba, ta haɗa dalilai biyu ne ta bar mai ita ya zaɓa. Wannan shi ya sa wasu kan zaci an kwashe musu kuɗi, wasu kuma su garzaya wurin mai gyara su biya kuɗin aikin da ba a bukata, alhali kuwa sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau.

Kafin a gane inda cutar take, ya kamata a san hanyar da saƙon ke bi. Lambobin nan da ke farawa da alamar tauraro su ƙare da alamar tsani, su ake kira USSD. Sun bambanta da saƙon tes, domin shi tes ajiye shi a kan yi a kamfani, in wayar wanda aka aika wa tana kashe sai a jira ya kunna a miƙa masa. Ita kuwa wannan lamba tamkar zance ne na baki da baki. Da zarar an danna kira, waya takan aika da bukatar zuwa turken sabis mafi kusa, daga can ta wuce cibiyar da ke sarrafa kiraye-kiraye, a tabbatar da cewa layin yana da izini, sa'an nan a miƙa ta ga na'urar da ke riƙe da lissafin kuɗin kowane layi. Amsar kuma ta nan za ta biyo ta dawo, duk a cikin 'yan daƙiƙoƙi. In igiyar ta tsinke a ko'ina cikin wannan tafiya, babu wurin ajiya, zancen ya mutu ke nan, sai waya ta fito da rubutun nan nata.

Dalili na farko, wanda kuma ya fi sauƙin magani, shi ne lambar kanta. Shekara da shekaru kowane kamfani da tasa lambar duba kuɗi: masu layin MTN sun saba da *556#, masu Airtel kuwa *123#. To, a shekarar 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta daidaita waɗannan lambobi, ta mai da su iri ɗaya a kan dukan layukan ƙasar nan. Ga uku daga cikinsu:

```
*310#   duba kuɗin kira
*323#   duba sauran data
*312#   sayen data
```

Saboda haka wanda har yanzu yatsansa ke tafiya kan tsohuwar lamba, ko wanda ya ajiye ta cikin jerin sunayen wayarsa tun da daɗewa, ya fara gwada *310# kafin ya zargi kowa. Har ila yau a duba rubutun da kyau. Mance alamar tsani a ƙarshe kan sa waya ta ɗauki lambar tamkar kira ne na yau da kullum, haka kuma ƙarin tauraro ko musanya lamba ɗaya kan kai bukatar ga ƙofar da ba kowa a bayanta.

Dalili na biyu ya shafi masu waya mai layi biyu, waɗanda su ne mafi yawa a wurinmu. Irin wannan waya takan fitar da lambar ne ta layin da aka zaɓa domin kira, ba lalle ta layin da mutum ke nufi a zuciyarsa ba. A da, buga lambar wani kamfani a kan layin wani shi ne babban kuskure. Yanzu da lambar duba kuɗi ta zama ɗaya, abin ya sake salo: mai yiwuwa ne bukatar ta fita ta layin da ba shi da sabis a wurin, ko layin da aka rufe, alhali wanda ake nufi yana nan garau. An rufe layuka masu yawa a 2024 saboda rashin haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa, haka kuma kamfani kan janye layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Alamar wannan a fili take, domin kira da tes su ma ba za su fita ta wannan layi ba.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi ruɗa jama'a, domin yakan faru ne a lokacin da sandunan sabis suka cika taf, data kuma tana gudu kamar ruwa. Asalin abin shi ne, an ƙirƙiri waɗannan lambobi ne tun zamanin tsarin 2G, suna kuma bin hanyar da kiran murya na da ke bi, wadda ke nan a 2G da 3G. Shi kuwa 4G an gina shi ne domin data kaɗai. Don haka idan waya tana kan 4G aka buga lambar duba kuɗi, a mafi yawan lokuta sai ta sauko zuwa 3G ko 2G na ɗan lokaci, ta isar da saƙon, ta koma. Mai lura zai iya ganin alamar da ke saman allo ta sauya a daidai wannan lokaci. Akwai hanyar da ke ɗaukar lambar a kan 4G ɗin kansa ba tare da saukowa ba, amma sai kamfanin layi da wayar duka sun dace da ita. To, in an kulle waya a kan 4G kaɗai, ko kuwa 2G da 3G na wurin sun yi rauni ko cunkoso, matakalar saukowa ta karye ke nan.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, wayarsa mai layi biyu. Wani yaro ya saita masa ita a kan 4G kaɗai domin data ta ƙara sauri. Washegari ya buga *310# a layi na ɗaya, sai rubutun nan ya fito. Matakin farko, ya sake duba lambar, ya ga daidai take, ya kuma tabbata layi na ɗaya ya zaɓa. Mataki na biyu, ya gwada kiran maƙwabcinsa da wannan layi, sai kiran ya yanke tun bai shiga ba, amma saƙonninsa na WhatsApp suna tafiya. Nan fa aka sami bakin zaren: layin yana raye tunda data na aiki, hanyar murya ce a toshe. Mataki na uku, ya cire katin layin ya sa a ƙaramar wayar yaron shagonsa, ya buga lambar, nan take kuɗinsa suka fito. Wannan ya wanke kamfani, ya wanke layi, laifi ya koma kan saitin wayarsa. Sai ya shiga Settings, ya nemi wurin da aka rubuta Preferred network type, ko Network mode a wasu wayoyin, ya zaɓi wanda ya haɗa 4G da 3G da 2G. Aiki ya ƙare ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Da a ce lambar ta ƙi aiki a wayar yaron ma, sai a gwada wani layi na kamfanin guda a wuri guda. In shi ya yi aiki, matsalar ta layinsa ce, sai ya kira 300, wadda ita ce lambar masu kula da abokan hulɗa a kowane kamfani, ko ya je ofishinsu da shaidarsa. In kuwa shi ma ya ƙi, to, tangarɗar daga kamfani take, kamar cunkoso a turke, ko yankewar waya ta ƙarƙashin ƙasa, ko gyaran na'urar lissafi. Wannan ba shi da magani a hannun mai waya sai haƙuri, ko ya matsa zuwa wani wuri ya sake gwadawa.

Yadda amsar ta zo ma takan ba da haske. Idan waya ta daɗe tana nuna USSD code running kafin ta sare, galibi bukatar ta fita ne amsa ba ta dawo a kan lokaci ba, watau alamar rauni ko cunkoso. Idan kuwa wani rubutu ne dabam ya zo daga kamfani yana cewa bai san wannan lamba ba, to, hanya a buɗe take, lambar ce za a gyara. A irin hali na farko, kada a yi ta bugawa a kai a kai, domin waya ba ta riƙe zance biyu irin wannan a lokaci guda, kuma wanda ya gabata mai yiwuwa bai gama rufuwa ba. A dakata kamar minti ɗaya, a kunna Airplane mode a kashe, domin wannan kan tilasta wa waya ta sake gabatar da kanta ga turke.

Akwai wani gwaji da wasu ke yi wanda ba ya tabbatar da kome. Sukan buga *#06#, in lambar jikin waya ta fito sai su ce ai sabis lafiya lau. Wannan lamba ba ta zuwa ko'ina, wayar ce ke amsa ta da kanta, har ma in babu kati a cikinta.

Wanda kuma yake duba kuɗinsa na banki da irin waɗannan lambobi, ya sani cewa tafiyar saƙonsa ta fi tsawo, domin daga kamfanin layi sai an miƙa shi ga banki. In *310# ta yi aiki amma lambar banki ta ƙi, waya da turke ba su da laifi. Sai a duba ko layin da aka yi rajista da shi a banki ne aka buga da shi. A kuma duba kuɗin kira, domin a 2025 an koma cire ladan wannan aiki, watau naira 6 da kwabo 98 a kan kowane zama na daƙiƙa 120, daga kuɗin da ke kan layi maimakon asusun banki.

Abin lura a ƙarshe shi ne, wannan rubutu da waya ke nunawa ba ya taɓa ko sisin kwabo daga kuɗin kiran mutum, tambaya ce kawai da ba ta sami amsa ba. Amma in a tsakiyar tura kuɗi ta banki zancen ya yanke, kada a yi gaggawar maimaitawa, a fara duba asusu tukuna, domin mai yiwuwa kuɗin sun riga sun fita, amsar ce kaɗai ta ɓace a hanya.