Lambobin da ke jikin kwalin maus da kibod: yaushe 1000 Hz ke da amfani?

Maus ba ya aika wa kwamfuta saƙo a lokacin da ya ga dama. A tsarin USB kwamfuta ce ke da ikon fara magana: tana tambayar maus ko kibod ko akwai sabon labari, sannan na'urar ta amsa da abin da ta tara tun daga tambayar baya, wato nisan da ta motsa da maɓallin da aka danna. Yawan waɗannan tambayoyi a cikin sakan ɗaya shi ne abin da ake rubutawa `Polling Rate` a jikin kwali da cikin manhajar saita na'ura, kuma ana auna shi da Hz. Maus mai 125 Hz ana tambayarsa sau 125 a sakan, mai 1000 Hz kuma sau dubu.

Lambar takan fi ma'ana idan aka juya ta zuwa tazarar lokaci. Sakan ɗaya milisakan 1000 ne, don haka a 125 Hz akwai milisakan 8 tsakanin tambaya da tambaya, a 500 Hz milisakan 2, a 1000 Hz milisakan 1, a 8000 Hz kuwa kashi ɗaya cikin takwas na milisakan. Waɗannan lambobi daga tsarin USB kansa suka fito. Tsohon matakinsa yana raba lokaci gida-gida na milisakan ɗaya, shi ya sa 1000 Hz ya daɗe a matsayin iyaka. USB 2.0, wanda ya fito a shekarar 2000, ya ƙara raba kowane gida kashi takwas, amma an ɗauki shekaru kafin masu ƙera maus su ci moriyar hakan. A farkon 2021 ne kamfanin Razer ya fitar da Viper 8KHz. Yawancin maus na ofis masu araha har yanzu a 125 Hz suke aiki.

Ba kowane dannawa ne ke jiran cikakkiyar tazarar ba. Wani dannawar yakan faɗo dab da zuwan tambaya, ya wuce nan take. Wani kuma yakan zo bayan tambaya ta wuce, sai ya jira ta gaba, kamar fasinjan da ya iso tasha mota na tashi. A matsakaici jiran rabin tazarar ne: milisakan 4 a 125 Hz, rabin milisakan a 1000 Hz. Ke nan wanda ya tashi daga 125 zuwa 1000 ya rage milisakan uku da rabi. Wanda ya tashi daga 1000 zuwa 8000 kuwa, ko da yake lambar ta ninka sau takwas, abin da ya rage bai kai rabin milisakan ba. Kwali yana nuna lambar da ke hawa, alhali abin da hannu ke ji shi ne tazarar da ke raguwa, kuma ita ta kusa ƙarewa tun a 1000.

Jinkirin da mai amfani da kwamfuta ke kuka da shi ya fi wannan faɗi. Shi ne dukan lokacin da ke tsakanin motsin yatsa da bayyanar sakamakonsa a sikirin, kuma saƙon yana yada zango a wurare da dama kafin ya isa. Bayan ya bar maus, manhajar wasa ba ta duba shi sai ta zo haɗa hoto na gaba. Daga nan katin hoto ya zana hoton, sikirin ya jera shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sannan ɗigogin hasken sikirin su ɗauki nasu lokacin kafin su sauya launi.

A ɗauki misalin mai buga Counter-Strike 2 da maus mai 125 Hz, a kan sikirin mai sabunta hoto sau 60 a sakan, wasan ma yana fitar da hotuna 60 a sakan. Kowane hoto yana cin milisakan 16.7. A lissafin kusa-kusa, maus ya jira milisakan 4, saƙon ya jira farawar sabon hoto kimanin 8, zana hoton ya ci har 17, sikirin ya kai tsakiyarsa cikin 8, sauyin launi kuma a ce 5. Jimla milisakan 42. Idan mutumin nan ya sayi maus mai 1000 Hz, jimlar za ta sauka zuwa 38 da rabi. Idan kuma ya bar tsohon maus ɗinsa ya koma sikirin mai 144 Hz, da kwamfutar da za ta iya ba shi hotuna 144 a sakan, kowane hoto ya koma milisakan 6.9, sai jimlar ta faɗo wajen 23. Sauya maus ya ba shi uku da rabi, sauya sikirin ya ba shi kusan 19. Ainihin alƙaluman suna bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, amma fasalin lissafin ba ya canjawa: kaso mafi tsoka na jinkirin yana wajen haɗa hoto da nuna shi. Kunna `V-Sync` kan iya ƙara jiran hoto ɗaya ko fiye, talabijin kuma da ba a sa shi a `Game Mode` ba kan ƙara gomman milisakan saboda gyare-gyaren da yake yi wa hoto.

Da jinkiri kaɗai ake dubawa, da sai a ce 125 Hz ya wadatar da kowa, tunda ɗan Adam yakan ɗauki kimanin milisakan 200 zuwa 250 kafin ya mayar da martani ga abin da ya gani. Sai dai akwai wani abu na biyu, wanda ido ya fi saurin kamawa, wato santsin motsi. A sikirin mai 60 Hz, kowane hoto yana samun rahoto biyu daga maus mai 125 Hz, jefi-jefi uku, kuma ba kowa ke lura da wannan ɗan bambanci ba. A sikirin mai 144 Hz lamarin ya juye: hotuna sun fi rahotanni yawa. Hotuna 144, rahotanni 125, ke nan aƙalla hotuna 19 a kowane sakan za su fito ba tare da wani sabon labari daga maus ba. Hannu yana tafiya sumul, amma kibiyar da ke sikirin tana ɗan cijewa tana zabura. Da 1000 Hz kowane hoto yana samun rahoto shida ko bakwai, sai cijewar ta ɓace. Saboda haka sikirin ne ke faɗin irin maus ɗin da ya dace da shi. Mai 60 Hz ba ya buƙatar fiye da 500, mai 144 ko 240 ya cancanci 1000, sai a 360 Hz zuwa sama ne maganar 4000 da 8000 take fara samun hujja, ita ma ga ƙwararrun 'yan wasa masu kaifin ido.

Akwai kuma sharaɗin da ba a cika faɗa ba. Maus ba ya bayar da rahoton motsi sai ya ƙirga aƙalla ɗigo ɗaya, kuma yawan ɗigon da yake ƙirgawa a inci guda shi ne DPI. Maus da aka saita a DPI 800 sai ya yi tafiyar inci 10, wato santimita 25 da ɗoriya, cikin sakan ɗaya kafin ya samar da ɗigo 8000 da za su cike dukan tambayoyin. A motsi na hankali, irin na mai daidaita saiti a kan abokin gaba da ke nesa, yawancin tambayoyin suna komawa hannu rabbana. Shi ya sa masu amfani da 8000 Hz kan ɗaga DPI zuwa 1600 ko 3200, su rage saurin juyawa a cikin wasan. Ga kuma tsada ta wani ɓangaren: kowane rahoto aiki ne ga furosesa, kuma a kwamfuta mai rauni ko tsohon wasa yawan rahotannin kan sa hoto ya riƙa sarƙewa daidai lokacin da aka girgiza maus. Alamar ke nan, kuma maganinta a sauko zuwa 1000. A maus mara waya kuwa batir ne ke biyan kuɗin, domin yana ƙarewa da sauri ninkin-ba-ninkin.

Rashin waya shi kansa iri biyu ne. Maus na wasa mai zuwa da 'yar na'urar karɓa da ake sokawa a ramin USB, mai aiki a zangon 2.4 GHz, yana kai 1000 Hz ba tare da bambancin a-zo-a-gani da mai waya ba, muddin 'yar na'urar tana kusa da shi. Bluetooth kuwa an gina shi ne domin tattalin batir, yawanci yana tsayawa wajen 125 Hz, kuma tazararsa ba ta cika daidaituwa ba.

A kibod lambar ta fi rashin tasiri. Maɓalli abu ne mai tafiya: a Cherry MX na gama-gari sai ya nutse milimita 2 daga cikin 4 kafin ya haɗa wuta, kuma lokacin da yatsa ke ɗauka kafin ya kai nan ya fi tazarar tambaya nesa ba kusa ba. Idan ƙarafan suka haɗu sukan ɗan yi rawa, su haɗu su rabu sau da dama, har kimanin milisakan 5, don haka dole ƙwaƙwalwar kibod ta tace wannan rawa don kada harafi ɗaya ya fito sau uku. Wasu suna aika dannawar farko nan take su yi biris da sauran, wasu suna jira sai rawar ta lafa, kuma wannan zaɓi na mai ƙira ba a rubuta shi a kwali. Ita ƙwaƙwalwar ma tana zagaya maɓallan ne layi-layi da nata saurin, wanda zai iya gaza na USB. Lokacin da injiniya Dan Luu ya auna kibod iri-iri a 2017, ya sami jinkiri daga kimanin milisakan 15 zuwa 60, tazarar da yawan tambayar USB ba zai iya bayyana ta ba. Ga mai buga rubutu duk wannan ba abin damuwa ba ne: mai buga kalma 60 a minti yana danna kimanin maɓalli biyar a sakan, milisakan 200 tsakanin kowanne, don haka jiran milisakan 8 ba ya taɓa shi. Inda abin ke tasiri shi ne wasannin bin kiɗa irin osu!, waɗanda ke ba da maki bisa daidaituwar dannawa da bugun sauti.

Gwada na'ura ba shi da wuya. Akwai shafukan intanet da ƙananan manhajoji masu ƙirga rahotannin maus. Sai a riƙa juya shi da sauri a da'ira, domin a motsi na hankali lambar za ta fito ƙasa da gaskiyarta, bisa dalilin da aka ambata a sama. Jinkirin gaba ɗaya kuma wayar hannu mai ɗaukar bidiyo na hotuna 240 a sakan tana iya auna shi: a ɗauki yatsa da sikirin tare, a ƙirga hotunan da ke tsakanin dannawa da sauyin sikirin, a ninka da milisakan 4.2. Hotuna goma na nufin milisakan 42. Idan kuma kibiya tana bin hannu daidai amma harbi yana makara a wasan intanet, laifin na layin sadarwa ne, kuma lambar `ping` da wasan ke nunawa ce za a duba.