Yadda liƙa rubutu ke nuna ko taminal ce ko shafin intanet

Wata ɗiyar yayana da ke koyon rubuta manhaja ta kira ni da daddare, ranta a jagule. "Kawu, na kwafo umarnin da malaminmu ya ba mu, na liƙa, sai kwamfutar ta zubo mini wasu alamomi." Ban ga allonta ba, ita kuma ba ta san sunan abin da ke buɗe a gabanta ba, abin da ta iya faɗa kawai shi ne baƙin akwati ne mai fararen haruffa. Na ce ta karanto mini alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da ta karanto:

```
^[[200~ls -l~
```

Daga jin haka na san a taminal take, har ma na san maɓallan da ta danna da yadda suka biyo juna.

Taminal ita ce tagar da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, layi bayan layi, ba tare da danna hotuna ba. A yau akwai shafukan intanet da ake yi wa baƙin fenti su yi kama da ita, akwai kuma taminal da ake buɗewa a cikin burauza. Saboda haka launi ba ya raba gardama. Abin da ke raba ta shi ne yadda kowannensu ke karɓar rubutun da aka liƙa masa.

Shafin intanet ya san an yi liƙi. Idan mutum ya danna Ctrl+V a cikin akwatin rubutu, burauza tana sanar da shafin cewa ga wani abu an kawo daga ma'ajiyar kwafi, ta miƙa masa shi a dunƙule. Shafin na iya duba shi, ya gyara shi, ko ya ƙi shi baki ɗaya, kamar yadda wasu shafuka ke hana liƙa kalmar sirri. Kayan da aka kawo na iya zuwa da adonsu: manyan haruffa, launi, har da hoto. Kuma ko layi goma ne, za su zauna a akwatin suna jiran mai su ya tura.

Taminal kuwa ta gaji halin kakanninta, irin na'urar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978: allo da kibod da aka haɗa da babbar kwamfuta ta waya. A cikin wayar nan haruffa ne ke tafiya ɗaya bayan ɗaya, babu wani abu mai suna liƙi. To, da taminal ta koma manhaja a cikin taga, sai aka yi dabara mafi sauƙi: idan an liƙa rubutu, tagar ta tura haruffan a guje, kamar wani mai saurin hannu ne ya buga su. Shirin da ke karɓa a ciki bai san bambanci ba. Ado ya zube, hoto ba ya shiga, kuma ƙarshen kowane layi daidai yake da danna Enter. Nan ne haɗarin yake, domin Enter a taminal na nufin "aikata". Wanda ya liƙa layi uku, biyun farko sun riga sun gudana kafin ya ƙifta ido.

Maɓallan ma suna da tsohon aikinsu tun kafin a san su da kwafi da liƙi. Ctrl+C a taminal harafi ne mai lamba 3, ma'anarsa a katse shirin da ke gudana. Ctrl+V harafi ne mai lamba 22, ma'anarsa "harafin da ke biye, ka ɗauke shi yadda yake, kada ka fassara shi". Shi ya sa a yawancin tagogin Linux ake liƙawa da Ctrl+Shift+V, ko Shift+Insert, ko maɓallin tsakiya na linzami. A PuTTY kuma danna maɓallin dama na linzami ne ke liƙawa nan take.

Yanzu a koma ga alamomin yarinyar nan. Don maganin haɗarin layukan da ke gudana da kansu, an ƙirƙiro wata yarjejeniya da ta yaɗu daga xterm. Shirin da ke ciki yana roƙon taga cewa duk abin da aka liƙa, ta sa masa shaida a kai da a wutsiya. Shaidar kai ita ce harafin Esc sannan `[200~`, ta wutsiya kuma Esc sannan `[201~`. Duk abin da ke tsakaninsu, shirin yana ajiye shi a matsayin rubutu, ba ya aikatawa sai an danna Enter da hannu. Shirin zsh ya karɓi wannan tun 2015, shi kuma bash ya kunna shi ga kowa daga fitowa ta 5.1 a ƙarshen 2020.

Ita ta fara danna Ctrl+V, kamar yadda hannunta ya saba a burauza. Ba ta ga komai ba, amma bash ya shirya ɗaukar harafi na gaba yadda yake. Sai ta tuna, ta danna Ctrl+Shift+V. Harafin farko da ya iso shi ne Esc ɗin shaidar kai, aka ɗauke shi a matsayin rubutu, ya fito a allo da siffar `^[`. Shaidar ta lalace, ragowarta ta bazu a layin, guntun `~` na ta wutsiya ya maƙale a ƙarshe. Na ce ta danna Ctrl+C ta share layin, ta sake liƙawa da Ctrl+Shift+V kaɗai. Ya yi.

Mai taminal da bash a hannu zai iya ganin shaidar da idonsa:

```
printf '\e[?2004h'; cat -v
```

Bayan wannan, idan ya liƙa kalmar sannu, zai ga `^[[200~sannu^[[201~`. Ctrl+C zai fitar da shi. Akwatin rubutu na shafin intanet ba zai taɓa nuna haka ba.

Sai dai ina jan kunnen masu taimaka wa mutane ta waya: kada a yanke hukunci da maɓalli kaɗai. A kwamfutar Mac, Cmd+V ne ke liƙawa a ko'ina. Windows Terminal yana karɓar Ctrl+V, har yakan yi gargaɗi idan rubutun ya wuce layi ɗaya. Taminal ɗin da ke cikin burauza, irin waɗanda aka gina da xterm.js, tana da fuska biyu: burauza ce ke karɓar liƙin, amma daga nan ta mai da shi jerin haruffa ta tura wa shirin da ke can nesa, don haka halinta na taminal ne. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na abin da ya faru da rubutun bayan ya shiga. Idan ana iya danna linzami a tsakiyarsa a gyara harafi, akwatin shafi ne. Idan sai da maɓallan kibiya ake isa wurin, taminal ce. Kalmar sirri ma tana faɗa: shafi yakan nuna ɗigo-ɗigo, amma `sudo` a al'adarsa ba ya nuna komai, har sabon shiga ya zaci liƙin bai shiga ba, ya sake liƙawa, kalmar ta ninku, a ƙi ta.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da ke tsakanin su biyun, wato a kwafo daga shafi a liƙa a taminal. Shafi na da ikon sauya abin da ke shiga ma'ajiyar kwafi, mutum ya ga umarni ɗaya a allo, ya kwaso wani daban da ƙarshen layi a maƙale. Dylan Ayrey ya nuna wannan a fili a 2016. Shaidar kai da wutsiya tana rage haɗarin, amma ba kowane shiri ne ke kunna ta ba, kuma tsohuwar kwamfutar da aka shiga daga nesa na iya rasa ta. Shi ya sa kafin mu yi sallama na ce mata, duk umarnin da ta kwafo daga shafi, ta fara zuba shi a manhajar rubutu marar ado irin Notepad, ta karanta shi layi-layi, sannan ta kai shi taminal.