Sigari da tarin fuka: abin da gwajin wata na biyu ke tonawa

A cibiyoyin DOTS, inda ake ba da maganin tarin fuka kyauta a Nijeriya, ana auna nauyin sabon majinyaci, a yi masa gwajin ƙanjamau, a rubuta adireshinsa da sunan wanda zai tsaya masa a kan shan magani. Tambayar da ake yawan wucewa da ita da sauri ita ce ta sigari: kara nawa yake zuƙa a rana, tun yaushe. Alhali amsarta na cikin abubuwan da ke nuna yadda wata shidan da ke gabansa zai kasance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shan sigari cikin manyan abubuwa biyar da ke rura wutar tibi, tare da rashin abinci mai gina jiki, ƙanjamau, barasa da ciwon suga, kuma ta ƙiyasta cewa kimanin mutum dubu 700 ke kamuwa kowace shekara ta dalilinsa.

Mu ɗauki misalin wani direban babbar mota mai shekara arba'in, nauyinsa kilo 50, wanda ke zuƙar rabin kwali a rana tun yana yaron mota. Ɓarnar farko ta auku tun kafin ya taka asibiti. Ƙa'ida ita ce duk wanda ya yi mako biyu yana tari ya kai kakinsa a gwada. Shi kuwa ya shekara da shekaru yana tarin asuba, shi da iyalinsa sun saba, sun ce ai tarin sigari ne. Sai da zazzaɓin yamma da gumin dare suka matsa, wando ya fara zamewa daga ƙugu, ya ga jini-jini a kaki, sannan ya je. A tsawon wannan jinkiri cutar ta ci huhu ta yi kogo a ciki, kuma duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ya sha shaƙar ƙwayoyinta.

Dalilin da ya sa huhun mashayi ke saurin ba da kai sananne ne. Hanyoyin iska suna lulluɓe da wasu 'yan siraran gashi da ba sa ganuwa da ido, waɗanda dare da rana suke kaɗa majina da ƙura zuwa maƙogwaro kamar tsintsiya. Hayaƙi yana sanyaya su, daga baya ya kashe su. Can ƙasan huhu kuma akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu shi ne haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita. Ita ƙwayar tibi a cikinsu take ɓuya da ma. A huhun mashayi sun cika da dattin hayaƙi, sannan nikotin yana danne sinadaran da suke aikawa don kiran ɗauki. Sai su haɗiye ƙwayar su kasa kashe ta, ta hayayyafa a cikinsu. Shi ya sa haɗarin kamuwa da tibi ga mai shan sigari ya kai kusan ninki biyu na wanda ba ya sha.

Na'urar GeneXpert ta tabbatar direbanmu na da cutar, kuma irin wadda ke jin magani ce. Aka ɗora shi a kan ƙwaya uku kullum da safe, gwargwadon nauyinsa. Kowace ƙwaya ta haɗa magani huɗu: rifamfisin, aisoniyazid, firazinamaid da itambutol. Zai sha wannan wata biyu, sannan ya koma kan biyun farko na wata huɗu. Ana duba kakinsa a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida.

Gwajin wata na biyu shi ne inda asirin sigari ke tonuwa. Yawancin masu shan magani yadda ya kamata kakinsu kan fito ba ƙwayar cuta a wannan lokaci. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa masu shan sigari sun fi jinkirin kaiwa wannan mataki. Magani ba ya aiki shi kaɗai, yana buƙatar garkuwar jiki ta taya shi, kuma yana shan wuyar ratsa kogon da ya cika da rugurgujajjen nama. Idan aka ga ƙwayar a kakin direban, ba a yanke hukuncin cewa magani ya gaza ba, domin madubin likita kan nuna har matattun ƙwayoyi. Za a binciki ko yana tsallake kwana, a sake gwada ko cutar ta fara bijire wa rifamfisin, a ci gaba. Amma in aka sake gani a wata na biyar, an rubuta shi cikin waɗanda magani bai yi wa aiki ba.

A nan ya kamata a bambance abu biyu. Hayaƙi da kansa ba ya mayar da ƙwayar tibi mai bijire wa magani. Abin da ke haifar da bijirewa shi ne shan magani a yanyanke. Sai dai sigari na tura mutum wannan hanya: tari bai lafa ba, numfashi bai saki ba, nikotin ya toshe sha'awar abinci, sikeli bai motsa ba, sai majinyaci ya ce maganin asibiti ba ya yi, ya daina zuwa karɓa. Ni a ganina wannan ita ce illar da ta fi ban takaici, domin mutumin yana kan hanyar samun sauƙi, hayaƙi ne ya rufe masa alamun.

Ko bayan an sallame shi da sauran rina a kaba. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan majinyata fiye da 5,000 a Taiwan ya gano cewa masu zuƙar sama da kara goma a rana sun ninka sauran haɗarin dawowar cutar bayan sun warke. A Indiya kuma, binciken da Farfesa Prabhat Jha ya jagoranta, wanda ya fito a 2008, ya danganta fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutuwar maza masu matsakaicin shekaru ta dalilin tibi da shan taba. Tabon da cutar ta bari a huhu ba ya gogewa, hayaƙi kuwa yana ƙara masa toshewar hanyoyin iska, mutum ya ƙare da haki daga ɗan hawa bene.

Wata shidan magani dama ce babba, tunda majinyaci na haɗuwa da ma'aikacin lafiya a kai a kai. Tsarin da ake koyarwa mai sauƙi ne: a tambaye shi a kowace zuwa, a ba shi shawara ta 'yan mintuna, a taimaka masa ya tsayar da ranar dainawa. Ragewa zuwa kara biyu ko komawa shisha ba dainawa ba ne. Dole kuma a faɗa masa tun da wuri cewa tari na iya ƙaruwa a makonnin farko, saboda gashin nan na hanyar iska sun farfaɗo suna fitar da datti, kada ya zaci cutar ce ta tsananta. Cingam ko filastar nikotin ba sa karo da maganin tibi. Ƙwayar bufurofiyon kuwa sai da likita, domin rifamfisin na sa hanta ta narkar da ita da wuri, kuma tana iya jawo farfaɗiya.

Sai batun gida. Yaron da ke shaƙar hayaƙin mahaifinsa ya fi saurin kamuwa idan ƙwayar ta shige shi, don haka a kawo 'ya'yan direban, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, a duba su a ɗora su a kan maganin kariya. Kiran lambar 3340 kyauta ne ga mai neman cibiyar da ta fi kusa da shi.