An Ƙara Miki Albashi, Ko An Rage?

'Yar'uwa, an yi miki ƙarin albashi amma cefane ya ƙi kaiwa ƙarshen wata? To, zo mu yi lissafi.

A ce a Disambar 2023 kina karɓar naira 50,000, a Disambar 2024 kuma ya koma 60,000. A ido kam an samu ƙarin 10,000. Sai dai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a tsakanin nan farashin kaya a Najeriya ya tashi da kashi 34.8 cikin ɗari. Wato abin naira 100 ya zama na 134.80.

Sai ki ninka tsohon albashin da 1.348, zai ba ki 67,400. Kuɗin da kike buƙata ke nan don sayen abin da kika saya a 2023. Kin ga 60,000 ta gaza da 7,400. Ashe baya aka ci.

Amma ki kula, wannan adadin na kaya ne gaba ɗaya. Na abinci kaɗai ya kusa kashi 40 a lokacin. In yawancin kuɗinki a tukunya yake ƙarewa, giɓinki ya fi haka. Da wannan lissafin za ki nemi ƙari, ba da ƙorafi kawai ba.