Kafin Kuɗi Su Bar Hannu: Motar Nan Tana da Bashi a Kanta?

A kasuwar motocin hannu, yawancin masu saye sun fi damuwa da inji da giya. Za su kawo bakanike ya saurari ƙarar inji, ya leƙa ƙarƙashi, a yi ciniki, dillali ya karɓi la'adarsa. Abin da bakanike ba zai gani ba shi ne bashin da ke kan motar.

Idan mutum ya ɗauki mota ta hannun banki yana biya sannu a hankali, ko ya jinginar da ita ya ci bashi, haƙƙin mai bin bashin kan bi motar ko da ta sauya hannu. Ranar da biya ya tsaya, wurin wanda ke riƙe da ita za a zo, shi kuma ya shiga neman wanda ya sayar masa.

Alamu sukan fara bayyana a takardu. Banki yakan riƙe takardun asali da makulli na biyu har a gama biya. Saboda haka mai sayarwar da ya fito da kwafe kawai, ko takardar rantsuwar kotu cewa na asali sun ɓata, ga makulli guda ɗaya tak, ya cancanci tambaya. Haka ma idan sunan banki ya fito kusa da nasa a takardar mallaka.

Akwai kuma wurin bincike. Babban Bankin Najeriya ya buɗe rajistar kayan jingina ta ƙasa, wato NCR, a 2016, wata doka kuma ta ƙarfafa ta a 2017. A shafinta, ncr.gov.ng, ana bincika mota da lambar shasi. Lambar tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma daga jikin motar ya kamata a kwafo ta, ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, sannan a gwada da ta takarda. Sai dai rajistar tana nuna abin da aka shigar ne kawai. Jinginar da aka ƙulla tsakanin mutum biyu a zaure, ko motar gado da magada ba su raba ba, ba za ta fito ba. Nan sai a nemi ganin wanda sunansa ke takardar mallaka ido da ido, da katin shaidarsa.

Samun bashi a kan mota ba ya kashe ciniki. A ce an daidaita a kan naira miliyan 6, banki na bin miliyan 2. Mai saye ya raka mai motar banki, a rubuto ragowar bashin, ya zuba miliyan 2 ɗin kai tsaye a asusun bashin. Sai banki ya ba da wasiƙar kammala biya, ya saki takardun asali, ya cire motar daga rajista, sannan a miƙa sauran miliyan 4 a gaban shaidu, tare da yarjejeniyar da ke ɗauke da lambar shasi.