Ƙararrawa Biyu Don Ƙwayar Magani Ɗaya

Baba yana shan ƙwayar maganin hawan jini sau ɗaya a rana, da ƙarfe 7:00 na safe. Mun saka masa ƙararrawa a waya, sai dai takan buga yana tsakiyar lazimi, ya danne ta da niyyar zai sha an jima, har azahar ta yi ƙwayar tana nan. Kashe ƙararrawa daban, shan magani daban.

Sai muka sake tsari. Muka sayo akwatin magani mai gida bakwai, kowace rana da gidanta, ana cika shi ranar Juma'a. Muka ajiye shi kusa da kofin shayinsa, inda rana ba ta dukansa kuma jikoki ba sa kaiwa. Muka yi yarjejeniya cewa ba zai kashe ƙararrawar ba sai ƙwayar ta wuce maƙogwaro.

Ƙararrawa ta biyu tana bugawa da ƙarfe 7:30, da wani sauti dabam, kuma a wayar ƙanwata take, domin hannun da ya danne ta farko zai iya danne ta biyu. Ba ta tambayarsa ko ya sha. Akwatin take dubawa. In gidan ranar wayam yake, shi ke nan. In ƙwayar tana ciki, ta miƙo ruwa: "Baba, ga maganinka."

Ranar da aka rasa duka biyun, ba a haɗa ƙwaya biyu washegari. Tun a asibiti a tambayi likita ko mai ba da magani iyakar jinkirin da maganin yake ɗauka, a rubuta a jikin akwatin.