Fomular da ke kawo farashin sari a madadin na sayarwa

Duk mai amfani da Excel wajen lissafin shago ko ofis ya san VLOOKUP. Kana ba ta lambar kaya, ta shiga jadawali ta nemo maka farashinsa. Sai dai akwai wata matsala da ke tattare da ita wadda ba ta nuna wata alama, kuma abu ɗaya ke jawo ta: ƙara sabon ginshiƙi, wato layin tsaye, a tsakiyar jadawalin.

A ce mai shagon kayan masarufi yana da shafi mai suna `Kaya`. Ginshiƙin A na lambar kaya ne, B na sunan kaya, C na farashi, D kuma na abin da ya rage a sito. A shafin rasit, inda ake rubuta lambar kaya a gidan A2, ya sa wannan fomula:

```
=VLOOKUP(A2,Kaya!$A$1:$D$200,3,FALSE)
```

Ma'anarta ita ce a nemo lambar a ginshiƙin farko, sannan a ƙirga zuwa ginshiƙi na uku a kawo abin da ke ciki. Buhun shinkafa ya fito naira 72,000, daidai.

Wata rana yaron shago ya ga ya dace a riƙa rubuta kuɗin sari, sai ya buɗe sabon ginshiƙi tsakanin suna da farashi. Yanzu sari ne a C, farashi ya koma D. Excel da kansa zai faɗaɗa iyakar jadawalin a cikin fomular, daga `$D$200` zuwa `$E$200`, domin wannan adireshi ne. Amma lambar 3 ba adireshi ba ce, lamba ce kawai da aka rubuta da hannu, don haka tana nan yadda take. Ginshiƙi na uku yanzu sari ne. Rasit zai fito da naira 68,000, kuma a kan kowane buhu shagon ya sayar babu riba.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne rashin gargaɗi. Da sunan dila aka sa a sabon ginshiƙin, da nan take an ga rubutu a gurbin kuɗi an farga. Amma kuɗi ne ya maye gurbin kuɗi, kuma adadin ya yi kusa da na gaskiya, don haka ido ba ya kamawa. Hanyar ganewa ita ce ka buɗe fomular, ka ƙirga ginshiƙai daga farkon iyakar da aka ba ta, ka ga ko lambar ta faɗa kan taken da kake nufi.

Mutane da yawa sukan mayar da 3 zuwa 4 su wuce. Wannan zai yi aiki har zuwa ranar da wani zai sake ƙara ginshiƙi. Gyara mai ɗorewa shi ne a daina ƙirgawa da hannu, a bar MATCH ta nemo ginshiƙin da sunansa:

```
=VLOOKUP(A2,Kaya!$A$1:$E$200,MATCH("Farashi",Kaya!$A$1:$E$1,0),FALSE)
```

Aikin MATCH shi ne ta bi layin farko, inda taken kowane ginshiƙi yake, ta faɗi matsayin kalmar `Farashi`. Yau za ta ce 4, sai VLOOKUP ta ɗauki wannan lambar. Gobe idan aka ƙara wani ginshiƙi kafin farashi, za ta ce 5 ba tare da kowa ya taɓa fomular ba. Sifilin da ke ƙarshenta yana nufin sai taken da ya dace daidai, kada a kawo na kusa da shi. Kar a manta da shi.

Akwai sharaɗi guda da ake yawan karyawa: dole iyakar MATCH ta fara daga ginshiƙin da iyakar VLOOKUP ta fara. Idan jadawalin ya fara daga A amma layin taken ya fara daga B, ƙirgen zai goce da ɗaya, kuma an koma gidan jiya.

Gyaran yana da nasa iyaka. Idan wani ya sauya taken zuwa `Farashin sayarwa`, ko ya bar sarari a ƙarshen kalmar, fomular za ta nuna `#N/A`. Ni dai na fi son haka, domin kuskure ne da ake gani kafin a miƙa wa mai saye rasit. Haka kuma idan ginshiƙai biyu suna da take iri ɗaya, MATCH na farkon za ta ɗauka, don haka kowane ginshiƙi ya samu nasa suna.

Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar a ofisoshi da dama na Nijar, za su tarar da VLOOKUP da sunan `RECHERCHEV`, MATCH kuma `EQUIV`, sannan alamar `;` ke raba sassan fomular a madadin waƙafi.